Da Bakinsa Ya Nemi Farashi, Amma Imel Uku Ba Amsa

Anti, barka da aiki. Ina sashen kasuwanci na wani ƙaramin kamfani mai yin kwalayen zuba kaya. Jami'in sayayya na wani babban kamfani ya kira ni ranar Litinin, ya ce yana son farashin kwali 5,000 da za a kawo kafin 14 ga Maris, in turo masa ta imel. Na tura da taken da ogana ya saba sa mu rubutawa: "Gaisuwa da fatan alheri daga sashen kasuwanci na kamfaninmu". Shiru. Oga ya ce in sake turawa da "BABBAN RANGWAME!!! Kada ya wuce ku". Shiru. A na uku na sa "Re: Gaggawa". Har yau bai ce uffan ba, kuma manhajar da muke aiki da ita ta nuna na farkon kaɗai aka buɗe. Oga ya faɗa a gaban abokan aiki cewa ban iya jan hankalin kwastoma ba, ni kuma gani nake mutumin raina ni ya yi. Ina tsoron aikin nan ya kuɓuce mini. Wane take zan sa ya buɗe, kuma ya gane nan take? Sannan yaya zan yi da sauran masu saye da ba su san ni ba sam?

Wata ƙanwarki

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Faɗa a gaban mutane yana da ciwo, balle a kan abin da aka ce ki yi kika yi. Amma batun raini ki ajiye shi gefe tukuna. Mai sayen kaya wa babban kamfani ba ya ɗaga waya ya kira ƙaramin kamfani don nishaɗi. Kwali yake buƙata, akwai ranar da aka ɗora masa, kuma akwai wanda zai tuhume shi idan ranar ta zo babu kaya. Abin da na fi zato shi ne ya duba akwatin imel ɗinsa yana neman takardar farashin kwali, bai ga wani abu mai kama da ita ba, ya wuce.

Ki ɗan shiga rigarsa. Irin wannan ma'aikaci ba karanta imel yake yi ɗaya bayan ɗaya ba, tsinta yake yi. Yana tsaye a ƙofar ɗakin taro ko yana tafiya zuwa sito, waya a hannu, yana jan allo da babban yatsa. Abu uku yake gani kafin ya buɗe saƙo: sunan wanda ya aiko, take, wato abin da aka rubuta a gurbin `Subject`, da ɗan somin layin farko na cikin saƙon. Da waɗannan yake yanke hukunci cikin ƙiftawar ido, kuma tambayarsa ba ta sauyawa. Wannan a kan wace magana tawa ce, me ake so in yi, kuma zuwa yaushe? Saƙon da ya amsa masa ya buɗe. Wanda bai amsa ba ya bar shi zuwa an jima, an jiman kuwa sababbin saƙonni sun danne shi ƙasa.

Akwai kuma ƙarancin wuri, wanda yawancin masu rubutu a kwamfuta ba sa lura da shi. A babban allo take yana iya fitowa har haruffa sittin ko fiye, amma a waya galibi haruffa 30 zuwa 40 ne ke bayyana, gwargwadon faɗin wayar da girman rubutun da mai ita ya zaɓa, sauran kuma a yanke su da ɗigo uku. Ana ƙirgawa har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Idan muka ɗauki 35 a matsayin tsaka-tsaki, takenki na farko ya tsaya ne a "Gaisuwa da fatan alheri daga sashen". Babu kwali, babu farashi, babu adadi. Ƙari a kan haka, kamfanoni da yawa suna sa na'urarsu ta manna `[EXTERNAL]` a gaban duk saƙon da ya shigo daga waje, don ma'aikata su yi hattara. Wannan kaɗai ya cinye gurbi 11. Idan kamfaninsa na cikinsu, abin da ya gani daga gare ki bai wuce "Gaisuwa da fatan alheri" ba. Mutum mai jiran farashi ba shi da dalilin zaton farashinsa na ƙarƙashin wannan.

Take na biyu ya fi na farko ɓarna. Manyan haruffa, alamar motsin rai uku da maganar rangwame kama ce ta tallan da ake watsa wa dubban mutane lokaci ɗaya. Idon mai saye ya daɗe da koyon tsallake irinsu, kuma manhajojin imel ɗin ma suna taya shi. Tun 2013 Gmail ke ware saƙonnin talla zuwa shafin `Promotions`, Outlook kuma yana da `Focused` da `Other`. Ba take kaɗai ke sa a ware saƙo ba, ana duba tarihin adireshin da ya aiko da tsarin abin da ke ciki, amma babu hikima ki sanya wa amsar da mutum ya nema kayan talla. Sannan ki tuna shi ba da kuɗin aljihunsa yake saye ba. Abin da za a tambaye shi a ofis shi ne ko kayan sun dace da awon da aka ba shi, ko za su iso kan lokaci, ko ya kwatanta farashin masu kawo kaya biyu ko uku. Kalmar rangwame ba ta amsa ko ɗaya.

Na uku shi ne nake so mu tsaya a kansa, domin a nan ne ake zubar da amana ba a sani ba. `Re:` alama ce da manhaja ke sawa da kanta idan an danna `Reply`, ma'anarta wannan amsa ce ga saƙon da ya gabata. Idan kika rubuta ta da hannu a kan sabon saƙo, kina cewa akwai wata magana a rubuce tsakaninku alhali babu. Wanda ya buɗe ya ga ba kowane tsohon saƙo a ƙasa ya gane an yi masa dabara, kuma daga ranar sunanki ya shiga jerin waɗanda ba a gaggawar buɗe saƙonsu. Ita kuwa "gaggawa" tsurarta, ba a faɗi ta me ba, ita ce kalmar da 'yan damfarar imel suka fi so, kuma ma'aikatan sayayya da na kuɗi su ne aka fi yi wa horo a kan gudun irin wannan saƙo, saboda su ake hari. Ba abin mamaki ba ne a ce ya ga take na uku ya goge ba tare da ya kalli sunanki ba. Wasu ƙasashe ma sun sa abin a doka: dokar CAN-SPAM ta Amurka ta 2003 ta haramta take mai yaudara a saƙon kasuwanci. Na san ba yaudara kika nufa ba, matsuwa ce, amma shi take yake gani, ba ya ganin niyyarki.

Kada ki gina hukunci a kan abin da manhajarku ta nuna. Yadda take sanin an buɗe saƙo shi ne tana ɓoye wani ɗan mitsitsin hoto a ciki, idan na'urar mai karɓa ta sauko da hoton sai a rubuta an buɗe. Outlook na kwamfuta yakan hana hotuna saukowa daga adireshin da ba a sani ba har sai mutum ya ba da izini, saboda haka yana iya karanta saƙonki daga farko har ƙarshe manhajarku ta ce bai taɓa shi ba. A ɗaya ɓangaren, tun da Apple ya fito da Mail Privacy Protection a 2021, manhajar Mail ta iPhone tana sauko da hotunan da kanta ga wanda ya kunna tsarin, ko ya buɗe saƙon ko bai buɗe ba. Wato "an buɗe" ɗin da kika gani a kan na farko yana iya zama aikin na'ura ne, "ba a buɗe ba" ɗin sauran biyun ma ba hujja ba ce. Ma'aunin da ba ya ƙarya a aikinki shi ne amsa: an rubuto, an kira, ko an turo oda.

To, mu gina take tare. Ki fara da sunan abin da yake jira, da kalmar da shi ya yi amfani da ita a waya. Idan kwali ya ce, kwali za ki rubuta, ba sunan da kuka laƙaba wa samfurin a kamfaninku ba, kuma da harshen da yake gudanar da aikinsa. "Farashin kwali" ya riga ya gaya masa rabin labari. Sai ki ƙara abin da ya bambanta wannan magana da sauran maganganun kwali da ke gabansa, adadin ke nan: "Farashin kwali 5,000". Lamba tana kama ido a cikin jerin kalmomi, kuma lambarsa ce, shi ya faɗe ta. Daga nan ki tuna masa cewa shi ya nema, domin wannan ne ke raba saƙonki da na masu tallan da ba a gayyace su ba:

"Farashin kwali 5,000 da kuka nema ranar Litinin"

Ki ƙirga. Zuwa ƙarshen "nema" gurbi 33 ne, don haka ko waya ta yanke "ranar Litinin" ba a yi asarar komai ba. Ko an manna masa `[EXTERNAL]` a gaba, zai ga "Farashin kwali 5,000", kuma ya isa. Dokar jeri ke nan: abin da ba za a iya rasawa ba ya zo farko, abin da za a iya yankewa ya koma wutsiya. Kafin ki tura masa, ki tura wa kanki ki duba a wayarki, kada ki buɗe, ki kalli jerin saƙonni kawai ki ga inda aka datse.

Za ki lura ban sa sunan kamfaninku a gaba ba, kuma na san oga zai tambaya. Gurbin mai aikowa ya riga ya ɗauki wannan nauyi, muddin an tsara shi daidai. Ki duba yadda sunanki ke fitowa a wayar wani. Idan `info` ko `sales` ne kawai ke bayyana, ko wani laƙabi da kika sa tun kina makaranta, a gyara shi ya zama sunanki da na kamfani, domin da ke ya yi magana a waya, sunanki zai nema. Gaisuwa ma ba a yar da ita ba, wurinta aka sauya. Tana cikin saƙon, amma a taƙaice, saboda layin farko shi ne somin da ke fitowa ƙarƙashin take. Gaisuwa ta kalma biyu ko uku, sai nan da nan ki ce ga takardar farashin a manne, kwali 5,000, za mu iya kawowa kafin 14 ga Maris. Ta haka take ya faɗi mene ne, somin ya faɗi abin da ya fi damun sa, wato ranar. Fayil ɗin da kika manna shi ma ki ba shi suna mai ma'ana irin `Farashi-kwali-5000.pdf`, kada ya tafi da `Document1.pdf`.

Wani abu da masu sayarwa ke mantawa shi ne take ba ranar da aka tura shi kaɗai yake aiki ba. Ke da kike harkar kwali kin san amfanin rubutun da ke jikin kwali a sito: ba don ya burge kowa aka yi shi ba, don mai nema ya gane abin da ke ciki ba tare da ya yage ba, yau ko bayan wata shida. Mai sayenki zai tura saƙon ga manajansa ko sashen kuɗi don a amince, kuma su ba su ji wayar ranar Litinin ba. Bayan makonni zai dawo yana nema, ya rubuta `subject:kwali` a gurbin bincike, ko kawai ya buga 5,000. Saƙo mai taken gaisuwa ba zai fito a binciken take ba. Saboda wannan, idan wuri ya ba ki dama, ki sa gajeren sunan kamfaninku a can ƙarshen take, bayan waƙafi. A waya za a yanke shi, ba komai, amma idan aka tura saƙon gaba, inda sunan mai sayen ya maye gurbin naki, wanda ya karɓa zai san farashin wane kamfani ne.

Idan ya ba ki lamba, lambar ta fi duk abin da na faɗa. Manyan kamfanoni suna bin kowace buƙata da lamba, ta neman farashi ko ta oda, waɗanda ake rubutawa `RFQ` da `PO`. Da ita yake ajiya, da ita yake bincike, da ita sashen kuɗi ke biya. A irin wannan hali take ya fara da ita, a rubuce yadda ya rubuta, ba ragi ba ƙari: "RFQ 214: farashin kwali 5,000". Idan kuwa wata rana ta imel ya turo buƙatar, ba ki da aikin ƙirƙirar take ko kaɗan. Ki danna `Reply` a kan saƙonsa ki bar takensa yadda yake, ko da kina ganin naki ya fi kyau. Gmail yana haɗa saƙonni masu take ɗaya su zama zance guda, idan aka sauya take sai ya ɓalle ya zama sabon zance, shi kuma a ƙarƙashin nasa saƙon yake jiran amsa. Lokacin da ya dace a buɗe sabon take shi ne idan maganar kanta ta sauya, misali an gama batun farashi an shiga batun takardar biyan kuɗi. Magana ɗaya, take ɗaya. Kada ki cusa farashin kwali da tallan sabon samfuri a saƙo guda, domin babu taken da zai ɗauki biyun ba tare da ya zama dunƙule ba.

Gobe da safe, kafin ki tura komai, ki sake duba adireshin harafi bayan harafi. Adireshin da aka karanto a waya yana saurin samun kuskure, kuma ba kullum saƙo ke dawowa ya sanar da ke ba, domin yana iya faɗawa akwatin wani mai kusan irin sunan. Sannan ki tura sabon saƙo fes da taken da muka gina, ba a kan tsofaffin ukun ba, kuma ba dogon ban haƙuri. Jimla ɗaya ta isa, cewa kin sake turowa da take bayyananne don sauƙin nema. Bayan awa ɗaya ko biyu ki kira shi. Shi ya fara kiran ki, don haka ba ki shiga hurumin da ba naki ba. Kada ki tambaye shi dalilin shirunsa, wannan tuhuma ce. Ki ce, ranka ya daɗe, na turo farashin yanzu, takensa kaza, idan bai fito ba a duba `Spam` ko `Junk`. Ki kuma tambaye shi ko akwai lambar buƙata da yake so a sa a take, da kuma ko akwai wani da ya kamata a haɗa a saƙon. Wannan kira na minti ɗaya zai warware abin da imel na huɗu da na biyar ba za su warware ba: ko saƙon na isa, ko yana nan a ofis, ko an riga an ba wani aikin.

Idan aka yi kwana biyu ko uku na aiki ba amsa, a nan ne gaggawa ke da wuri, amma gaggawa mai rana da dalili. Ki tambayi masu injin ku kwana nawa kwali 5,000 ke ci daga amincewa zuwa lodi. A ce sun ce kwana goma, da kwana ɗaya na hanya. To sai ya amince kafin 3 ga Maris idan ana son kaya su iso 14. Tunda abin da kike nema ya tashi daga "ga farashi" zuwa "ku yanke shawara", kina iya ba shi nasa take: "Kwali 5,000: amincewa kafin 3 ga Maris don kawowa 14". Wannan ba matsa masa kika yi ba, taimakon sa kika yi, domin kin ba shi ranar da zai ɗauka ya kai wa manajansa ya ce a sa hannu. Sharaɗin kawai shi ne ranar ta zama ta gaskiya. Idan kika ƙirƙiro wa'adi, ya wuce, kuma kika karɓi odar kamar ba a yi komai ba, ya koyi cewa ranakunki ado ne.

Waɗanda ba su san ki ba kuwa, aikinsu ya fi wuya, kuma ba zan ɓoye miki ba, yawancinsu ba za su amsa ba ko da take ya yi kyau, domin mai saye yana buɗe saƙon baƙo ne idan ya zo daidai da buƙatar da ke gabansa. Abin da take zai iya yi shi ne ya sa mai buƙatar ya gane ki a lokacin. Don haka ki faɗi kayan da kuma abin da ya haɗa su da shi. Ga mai sayen kaya wa kamfanin sabulu, "Kwalin zuba sabulu: samfuri don gwaji" ya fi "Neman haɗin gwiwar kasuwanci" nesa ba kusa ba, saboda na biyun kowa na iya aika shi ga kowa. Idan wani da ya sani ne ya haɗa ku, kuma ya yarda ki ambace shi, sunansa ya zo farko, domin ba abin da ke buɗe saƙo kamar sunan da aka sani. Idan kun haɗu a wani baje koli, sunan bajen ya shiga. Ki guji take mai ɓoye magana don ya ja sha'awa, irin su "Tambaya ɗaya kawai" ko "Kun ga wannan?". Yana iya sa a buɗe sau ɗaya, amma wanda ya buɗe ya tarar da talla ya ji an ci masa lokaci. Ni a ganina gara mutum ya ƙi buɗewa don ya gane ba ya buƙatar kwali yanzu, ya bar saƙon a akwati inda bincike zai fito masa da shi ranar da mai kawo masa kaya ya saɓa alkawari.

Saura oga. Bai kyauta ba da ya yi miki faɗa a bainar jama'a, amma ba don mugunta ya ba ki waɗancan take biyun ba. Gaisuwar yana ganin ladabi ce, rangwamen kuma wataƙila ya taɓa yi masa aiki a saƙon da aka watsa wa tsofaffin kwastomomi masu saye da kuɗinsu. Kuskuren shi ne ɗaukar take ɗaya a yi wa kowane irin saƙo. Kada ki je masa da "takenka ne ya jawo", ko da haka ne, domin zai kare kansa ne maimakon ya saurare ki. Ki same shi shi kaɗai, ki tura saƙon gwaji biyu zuwa wayarsa, ɗaya da tsohon take ɗaya da sabo, ki ce, oga, dubi yadda waya ke yanke mana take. Barin idonsa ya gani ya fi duk bayanin da za ki yi. Sai ki nemi abu ƙarami da zai iya yarda da shi ba tare da ya ji an kayar da shi ba: duk amsar da kwastoma ya nema ta tafi da take mai faɗin kaya da adadi, tallan gama-gari kuma ya ci gaba yadda yake so.

Idan ya ce a gwada a kan baƙin masu saye, ki yarda, amma ku yi gwajin da adalci. A raba jerin gida biyu ba tare da zaɓe ba, saƙo iri ɗaya, rana ɗaya, take kaɗai ya bambanta, kuma amsa za a ƙirga, ba buɗewa ba. Ki faɗa masa tun farko cewa idan mutum ashirin-ashirin ne, aka samu amsa uku a nan biyu a can, wannan bai tabbatar da komai ba, sa'a ce kawai ke iya kawo shi. Sai an tara na wasu makonni kafin a ce ga wanda ya fi. Faɗin haka kafin a fara yana kare ki idan zagayen farko ya fifita nasa take.

Batun tsoron rasa aiki, abin da zai tsaya miki shi ne rubutaccen tarihi. Ki buɗe ɗan jadawali: ranar da aka tura, ga wa, da wane take, da abin da ya biyo baya. Idan kiran gobe ya nuna an riga an ba wani kamfani odar, ki tambayi mai sayen cikin ladabi yaushe za su sake neman kwali da kuma yadda ake shiga jerin masu kawo musu kaya, ki rubuta amsarsa a jadawalin, ki kai wa oga a ranar.

Antinki